FILIN WASA ƘWAƘWALWA: Sarƙa da Gwafa a Wasan Futoshiki

Tun ran da muka buga wasan Futoshiki na makon jiya wasiƙu suke ta shigowa, wasu sun dace da amsa, wasu kuwa sun yi kusa. Amma akwai guda ɗaya da ta hana ni sakat. Wani malamin makaranta ne daga Gusau ya rubuto ta, kuma bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce dare biyu ya yi yana fama da wasan nan, ya bi dokokin da na bayar ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya tarar da wani gida wanda babu lambar da za ta iya zama cikinsa. Saboda haka, in ji shi, ko dai an yi kuskure wajen ɗab'i, ko kuwa mai filin nan yana buga wa jama'a abin da shi kansa bai warware ba. Ya ƙara da cewa ya riga ya zana wasan a allo ya ba ɗalibansa, ga shi yanzu suna jiran amsa, shi kuwa ba shi da ita.

Wannan zargi ba ƙarami ba ne, domin kuwa filin wasa irin wannan ba shi da wani jari sai amanar masu karatu. Da na karanta wasiƙar sai na ɗauko jaridar na gwada ta da takardar da na miƙa, alama bayan alama. Babu kuskuren ɗab'i ko ɗaya. Sa'an nan na bi sawun malamin a cikin lissafin da ya aiko, sai na ga inda ƙafarsa ta zame, na kuma ga cewa ni ne na zuba ruwan da ya jawo santsin. To, yau ba abin da za mu yi sai mu warware wasan nan tare, daga farko har ƙarshe, don malam ya sami abin da zai kai wa ɗalibansa, ni kuma in biya bashin da ke kaina.

Bari mu fara da tuni saboda waɗanda suka shigo filin nan a baya-bayan nan. Futoshiki wasa ne da ya fito daga ƙasar Japan, ma'anar sunan kuwa a harshensu ita ce rashin daidaito tsakanin adadi biyu, watau wannan ya fi wancan. Jaridar Guardian ta Ingila ta soma buga shi a 2006, daga nan ya bazu. Ana zana gidaje biyar-biyar, 25 ke nan, a ce mutum ya cika su da lambobi daga 1 zuwa 5. Doka ta farko ita ce kada lamba ta zo sau biyu a layin kwance ko a layin tsaye. Doka ta biyu ita ce a yi biyayya ga alamomin da ke tsakanin gidaje maƙwabta: tsinin alama kullum yana nuna gidan da lambarsa ta fi ƙanƙanta, buɗaɗɗen bakinta kuwa yana fuskantar babba.

Wanda ya saba da hatimi zai ga kamar ya san wannan zane, musamman da yake malamanmu sun daɗe da ilmin jera adadi cikin gidaje, har Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kansa. Amma fa hanyar ta bambanta. A hatimi jimilla ake nema, a Futoshiki kuwa ba a tara kome, ba a ɗebe kome. Abin da ake kallo kawai shi ne wa ya fi wa. Hanyoyin da za a iya cika gidaje 25 ɗin nan ba tare da maimaita lamba a layi ba sun kai 161,280, aikin alamomi kuwa shi ne su kore dukansu su bar guda ɗaya tak. Ga wasan da ake gardama a kansa:

```
      1   2   3   4   5
A     . > . < . > .   .
      v           ^
B     .   .   . > .   .

C     . < .   .   .   3
                  ^
D     .   . > . > .   .
      v
E     . > . > .   .   .
```

Layukan kwance mun ba su haruffa, A zuwa E, na tsaye kuwa lambobi, 1 zuwa 5. Idan na ce D2, ina nufin gida na biyu a layin D. Alamar `v` tana nufin na sama ya fi na ƙasa, alamar `^` kuma na ƙasa ya fi na sama. Lamba ɗaya kurum aka bayar, watau 3 a gidan C5, sai alamomi 13.

Mai gaggawa in ya ga lamba ɗaya tak sai ya fara cinke. Ba haka ake yi ba. Kowane gida da ba a cika ba yana da manema biyar, watau 1, 2, 3, 4 da 5, aikinmu kuwa shi ne mu yi ta sallamar manema da hujja har ya rage saura ɗaya. Alama guda ɗaya tana sallamar biyu: gidan da ke wajen bakinta ba zai zama 1 ba, tun da akwai wanda ya fi, gidan da ke wajen tsininta kuma ba zai zama 5 ba, tun da akwai wanda ya fi shi. Wannan kaɗan ne. Ƙarfin alamomi yana bayyana ne sa'ad da suka kama hannun juna, wannan ya fi wancan, wancan kuma ya fi na gabansa. Irin wannan jeri shi muke kira sarƙa.

Ku dubi layin D. Gidan D2 ya fi D3, D3 ya fi D4, sa'an nan D4 ya fi C4 da ke bisansa. Ga sarƙa mai gida huɗu:

`D2 > D3 > D4 > C4`

Yadda ake auna ta shi ne a fara daga wutsiya a hau. Mafi ƙanƙantar abin da C4 zai zama shi ne 1. In haka ne, D4 ba zai gaza 2 ba, D3 ba zai gaza 3 ba, D2 kuma ba zai gaza 4 ba. Wannan ita ce iyakar ƙasa. Sai kuma a faro daga kai a gangaro. Mafi girman abin da D2 zai zama shi ne 5, saboda haka D3 ba zai wuce 4 ba, D4 ba zai wuce 3 ba, C4 kuwa ba zai wuce 2 ba. Wannan ita ce iyakar sama. Idan aka haɗa iyakokin biyu, sai a ga D2 ko 4 ne ko 5, D3 ko 3 ko 4, D4 ko 2 ko 3, C4 kuma ko 1 ko 2. Gidajen da ɗazu suke da manema biyar-biyar sun koma biyu-biyu, alhali ba mu ko kalli lambar da aka bayar ba.

Dokar a taƙaice ita ce: ka ƙirga gidajen da ke ƙarƙashin gida a cikin sarƙa ka ƙara ɗaya, ka sami iyakarsa ta ƙasa, ka ƙirga waɗanda ke samansa ka ɗebe daga 5, ka sami iyakarsa ta sama. Shi ya sa sarƙa mai gida uku take barin manema uku-uku, mai gida huɗu ta bar biyu-biyu, mai gida biyar kuwa ta warware kanta da kanta. Don haka kullum a fara neman mafi tsawo. Ku kuma lura da cewa sarƙar nan ta yi kwana, ta bar layin D ta haura layin C, amma kwanar ba ta rage mata ƙarfi ba, domin kowace mahaɗa a cikinta alama ce, alama kuwa ba ta yarda gidaje biyu su yi kunnen doki. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Akwai sarƙa ta biyu mai irin wannan tsawo a kusurwar hagu ta ƙasa:

`D1 > E1 > E2 > E3`

Awonta daidai yake da na farko. D1 ko 4 ko 5, E1 ko 3 ko 4, E2 ko 2 ko 3, E3 ko 1 ko 2. To, a nan ne sarƙoƙin biyu suka gamu. Gidan D1 da gidan D2 a layi ɗaya suke, kowannensu kuma ba shi da manemi sai 4 da 5. Ba mu san wanda zai ɗauki 4 ko wanda zai ɗauki 5 ba tukuna, amma mun san lalle su biyun nan za su raba lambobin nan biyu a tsakaninsu, babu abin da zai rage wa sauran gidajen layin. Ashe ke nan D3 ba zai sami 4 ba, sai 3. Da D3 ya zama 3, sai sarƙar ta ja sauran: D4 dole ya gaza 3, ya zama 2; C4 dole ya gaza 2, ya zama 1. Layin D kuma ya rage gida ɗaya da lamba ɗaya, saboda haka D5 ya zama 1. Gidaje huɗu sun cika, babu cinke ko ɗaya.

Sai sarƙa ta uku, wadda take karantuwa daga sama: A4 bai kai B4 ba, B4 kuma bai kai B3 ba.

`A4 < B4 < B3`

Da a ce da ita muka fara, da ba ta ba mu abin kirki ba, gama gida uku ne, manema uku-uku: A4 daga 1 zuwa 3, B4 daga 2 zuwa 4, B3 daga 3 zuwa 5. Amma yanzu zance ya sake. Layin tsaye na huɗu ya riga ya ba da 1 ga C4, ya ba da 2 ga D4, saboda haka A4 ba shi da sauran manemi sai 3. Da wutsiya ta tashi zuwa 3, sai duk sarƙar ta tashi tare da ita: B4 dole ya fi 3 kuma ya bar wa B3 wuri a sama, watau 4 ke nan, B3 kuma 5. Abin koyo a nan shi ne ba a auna sarƙa sau ɗaya a tafi a bar ta. Duk sa'ad da aka sallami manemi a ɗaya daga cikin gidajenta, sai a komo a sake bin ta sama da ƙasa. Yawancin waɗanda suke rubuto mini cewa sun maƙale, in na duba sai in ga wata tsohuwar sarƙa ce suka manta da ita.

Daga nan hanya ta miƙe. Layin tsaye na huɗu yana da 3, 4, 1 da 2, saboda haka E4 ya zama 5. Gidan A3 ya fi A4, watau ya fi 3, to ko 4 ne ko 5. Amma B3 da ke ƙarƙashinsa ya riga ya ɗauki 5, sai A3 ya zama 4. Layin tsaye na uku yanzu yana da 4, 5 da 3, ya rage 1 da 2 ga C3 da E3. Layin C ya riga ya sami 1 a gidan C4, don haka C3 ya zama 2, E3 kuma 1. Kafin mu wuce, ku dubi wani tarko a nan. A3 ya fi A4, B4 ma ya fi A4, amma wannan bai ɗaure A3 da B4 a sarƙa ɗaya ba, domin tsinin alamomin biyu duk A4 suke nunawa. Sarƙa tana tafiya ne muddin girma yana gangarowa ta fuska ɗaya. Inda alama ta juya, nan ta tsinke. Ga shi kuwa A3 da B4 duk 4 suka zama, babu wanda ya fi wani. Ga inda muka tsaya:

```
      1   2   3   4   5
A     . > . < 4 > 3   .
      v           ^
B     .   .   5 > 4   .

C     . < .   2   1   3
                  ^
D     .   . > 3 > 2   1
      v
E     . > . > 1   5   .
```

Har zuwa nan ni da malamin Gusau tafiyarmu ɗaya, lissafinsa bai bar nawa ko da taki ɗaya ba. Inda muka rabu shi ne gidan A1, kuma don a gane dalili sai na yi bayanin gwafa.

Gwafa ita ce gida ɗaya ya fi maƙwabta biyu, ko maƙwabta biyu su fi shi. A wata fitowa ta baya na rubuta cewa gidan da ya fi maƙwabta biyu ba zai gaza 3 ba. Hujjata ita ce ƙananan biyu ba za su zama lamba ɗaya ba, mafi ƙanƙantar abin da za su ɗauka shi ne 1 da 2, babban kuwa sai ya haura su duka. Gidan A3 misali ne: ya fi A2 na hagunsa, ya fi A4 na damansa, su biyun kuma a layin A suke, dokar layi ta hana su zama ɗaya. Tun kafin a rubuta kome a wasan nan ana iya sallamar 1 da 2 daga A3. Haka kuma A2, wanda A1 da A3 suka fi, ba zai wuce 3 ba, domin manyan biyu suna bukatar lambobi biyu dabam-dabam a samansa. Duk wannan gaskiya ne.

Abin da ban faɗa ba a wancan rubutu, wanda kuwa ya wajaba in faɗa, shi ne dokar nan tana aiki ne kawai idan rassan gwafar suna kan layi ɗaya. Malam ya dubi A1, ya ga ya fi A2 na damansa, ya kuma fi B1 na ƙarƙashinsa, sai ya ce gwafa ce, ya sallami 1 da 2. Amma A2 yana layin A ne da layin tsaye na biyu, B1 kuwa yana layin B da layin tsaye na ɗaya. Babu layin da ya haɗa su, babu kuma alama a tsakaninsu. To, me zai hana su duka biyu su zama 1? Babu. Kamar yaro ne mai ƙanne biyu: in ɗakinsu ɗaya, idan aka ajiye zancen tagwaye, lalle ɗaya ya girmi ɗaya, in kuwa 'yan uba ne, kowa da ɗakinsu, ana iya haihuwarsu rana ɗaya. Saboda haka gwafar da ta yi kwana abin da take sallama daga babban gida shi ne 1 kaɗai, 2 yana nan daram cikin manema.

Ga bambancin da na ce ku riƙe. Kwana ba ta cutar sarƙa, domin alama ce take raba kowane gida da na gabansa. Amma kwana tana karya gwafa, domin rassan gwafa ba alama ce take raba su ba, dokar layi ce, da zarar sun bar layi ɗaya kuwa dokar ta sake su.

Yanzu mu ga yadda wannan ɗan kuskure ya kai malam ga bango. Layin A yana da 4 da 3, ya rage 1, 2 da 5. Da ya hana A1 zama 2, sai ya ba shi 5. Gidan A5 ba zai karɓi 1 ba saboda D5, sai ya ba shi 2, A2 kuma 1. Da ya sauko gidan B5 sai ya tarar layin B ya cinye 5 da 4, layin tsaye na biyar kuma ya cinye 3 da 1 da 2. Manema biyar duk sun tafi, gida ya zama kango. Nan ya ajiye alƙalami ya ɗauko takardar wasiƙa. Ku lura fa, a gidan B5 ciwon ya fito, amma a gidan A1 aka kamu da shi, can wancan gefe na zanen. Haka kuskuren Futoshiki yake, ba ya kuka a inda aka yi shi.

Ga yadda ya kamata a bi. A layin A, lambar 1 ba za ta zauna a A1 ba tun da ya fi wasu, ba kuma za ta zauna a A5 ba saboda D5, sai ta tafi A2. Ya rage 2 da 5 tsakanin A1 da A5, sai mu dakata mu nemi hujja a wani wuri. Layin B yana bukatar 1, 2 da 3. Gidan B5 ba zai karɓi 1 ba saboda D5, ba zai karɓi 3 ba saboda C5, sai 2. Tun da B5 ya ɗauki 2, A5 da ke bisansa ya zama 5, A1 kuwa ya zama 2, lambar nan da malam ya kora tun da wuri. B2 ba zai zama 1 ba saboda A2, sai ya zama 3, B1 kuma 1. Ga A1 yana 2, ga maƙwabtansa biyu kowanne yana 1, babu dokar da aka taka.

Sauran aiki kaɗan ne. Layin tsaye na biyar yana da 5, 2, 3 da 1, sai E5 ya zama 4. Layin E ya rage 2 da 3, E1 kuwa ya fi E2, saboda haka E1 ya zama 3, E2 ya zama 2. Layin C ya rage 4 da 5, alama kuma ta ce C1 bai kai C2 ba, sai C1 ya ɗauki 4, C2 ya ɗauki 5. Wannan ne ya raba gardamar da muka bari tun farko tsakanin D1 da D2: D1 ya zama 5, D2 ya zama 4. Ga amsa:

```
      1   2   3   4   5
A     2 > 1 < 4 > 3   5
      v           ^
B     1   3   5 > 4   2

C     4 < 5   2   1   3
                  ^
D     5   4 > 3 > 2   1
      v
E     3 > 2 > 1   5   4
```

Akwai abubuwa biyu a cikin amsar nan da suka isa a tsaya a duba. Na farko, sarƙa ta biyu ta fito 5, 3, 2, 1, ta tsallake 4. Alama cewa take yi wannan ya fi wancan, ba ta faɗin da nawa ya fi shi. Wanda ya ɗauka lambobin sarƙa dole su bi juna kamar matakala, da ya ga E1 ya zama 3 sai ya rubuta 4 a D1, ya ɓata aikinsa a taki na ƙarshe. Na biyu, 'yar alamar nan da ke tsakanin C1 da C2 ta zauna shiru har ƙarshen wasa, amma da babu ita da 4 da 5 sun iya musanya wuri a gidajen C1, C2, D1 da D2, wasan ya zama mai amsa biyu. Wasan da aka tsara da kyau amsa ɗaya gare shi. In ka ga kamar ya rage maka zaɓi biyu kuma duk sun yi, to, duba da kyau, akwai alamar da ba ka yi aiki da ita ba.

Ta yaya mutum zai gane ya yi kuskure, kuma ina zai nufa? Alamun guda biyu ne: ko gida ya rasa manemi, kamar yadda ya faru ga malam, ko kuwa lamba ta rasa gida a wani layi. In ɗayansu ya auku, kada ka tsaya kana gyaran gidan da ya yi kuka, kada kuma ka goge duka. Koma baya ka tambayi kowace lamba da ka rubuta, da kowane manemi da ka sallama, hujjar da ta sa. Fara da gwafa, ka ɗora yatsa a kan rassanta ka tabbata layi ɗaya suke. Sa'an nan ka bi sarƙoƙi ka tabbata babu inda alama ta juya ka ƙetare ba ka lura ba. Abin da zai sauƙaƙa wannan bincike shi ne aiki da fensir, a rubuta manema ƙanana a gefen gida, wanda aka sallama a ja masa layi maimakon a goge shi, don sawu ya zauna.

Sai dai in faɗi gaskiya, sarƙa ba ita kaɗai take warware wasa ba. Kun ga yadda muka yi: sarƙa ta rage manema, dokar layi ta karɓa ta cika gida, gidan da ya cika ya sake motsa wata sarƙa. Hannu biyu ne suke wanke juna. A manyan wasanni masu gida bakwai-bakwai ko tara-tara, sarƙa mai gida huɗu ba ta da ƙarfin da take da shi a nan, gama a mai gida bakwai manema huɗu-huɗu take bari, sai a ƙara dogara ga neman gidaje biyu masu manema iri ɗaya, irin D1 da D2. Wannan sai wata fitowa.

Malam na Gusau, wasan ba shi da aibi, amma bayanina na baya yana da giɓi, kai kuwa ka bi shi ne da amana. Na karɓi wannan laifi, na kuma gode da wasiƙarka, domin ba don ita ba da giɓin yana nan yana jiran wani. Ina roƙonka in ka koma aji kada ka ba ɗalibai amsa kai tsaye. Ka zana musu A1 da maƙwabtansa biyu, ka tambaye su ko zai iya zama 2, ka bar su su yi gardama tukuna.

Ga na wannan mako, mai gida huɗu-huɗu, lambobi daga 1 zuwa 4, ba a ba da lamba ko ɗaya ba. Ku tuna iyakar sama yanzu 4 ce. Akwai gwafa a ciki, sai ku duba irinta kafin ku sallami kowa.

```
      1   2   3   4
A     .   .   .   .
              ^   v
B     .   . < .   .
              ^
C     .   .   . > .
                  v
D     . > .   .   .
```

Mai aiko da amsa ya rubuto har da gidan da ya fara cikawa da hujjarsa, don hujjar ita muke so mu gani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.